Waswasi A Bakin Kogi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, akwai wata cuta wadda ta kan kama masu son gyara, ba masu sakaci ba, sunanta waswasi.

A ɗauki misalin falken shinkafa daga Auyo, za shi kasuwar Haɗejiya. Ya tsuguna bakin ruwa tun assalatu. Damina ce, ruwan kogi ya yi ja da laka, sai zuciya ta ce masa ba shi da tsarki. Ya zubar, ya ɗebo wani. Ya wanke fuska, ya yi shakkar niyya, ya koma farko. Buta uku ta ƙare, liman ya sallame, mota ta tashi, shi kuwa yana nan yana cuɗa gwiwar hannu har fata ta yi zafi. Aikin minti biyar ya ci sa'a guda.

To, malamai sun riga sun yanke wannan magana. Ruwan da lakar mazauninsa ta jirkita masa launi mai tsarki ne, mai tsarkakewa, haka Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu shekara ta 386 ta Hijira, ya tabbatar cikin Risala. Taɓon ruwan sama da ya fallatsa wa riga a hanya an yi rangwame a kansa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan yi alwala da mudu guda, watau cikin tafi biyu. Wanki kuma iyakarsa uku. Na huɗu malamai sun yi saɓani ne kawai tsakanin karhanci da hani.

Babban abin da ya ɓace wa falken nan shi ne, masu shakka iri biyu ne, hukuncinsu ba ɗaya ba. Wanda ta kan zo wa jifa-jifa, in ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini bisa uku, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta aura, tana zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini, shi ne mustankihi. Shi gini zai yi bisa huɗu, ya sallame, ya yi sujada biyu, ba ya ƙara kome. Kokwanton tsarki ma, da ke warware alwalar waninsa a mazhabar Malik, ba ya warware tasa. Saboda haka in ya sake, bai yi tsantseni ba, ya ɗauki hukuncin wani ne ya ɗora wa kansa.

Dalili kuwa, maimaici shi ne abincin waswasi: ya kwantar da rai yanzu, gobe ya nemi ninki. Wajibin malaman zaure ne su tambayi mai fatawa sau nawa abin ke zo masa kafin su amsa, domin sau da yawa a kan ba mustankihi amsar waninsa. In kuwa abin ya bi mutum har rumfa, yana ƙirga kuɗi sau goma, yana komawa duba kwaɗon da ya kulle, a haɗa shi da likita, gama cuta ce sananniya a asibiti, ana kuwa yi mata magani.