Shugaban da aka "kashe" sau biyu kafin ajalinsa

'Yan uwana ɗalibai, musamman na makarantun Basirka, Gwaram da Birnin Kudu masu shirin kacici-kacici da jarrabawa. Tambayar wannan mako ita ce: yaushe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu? Wanda ya dogara da tsohuwar takarda ɗaya zai iya ba da amsa har uku, duk ba daidai ba.

A watan Maris 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka kai shi asibiti a Jamus. Nan da nan gari ya ɗauka cewa ya rasu, har sai da Shugaba Obasanjo ya buga masa waya a gaban taron jama'a a Abeokuta aka ji muryarsa. Karo na biyu ya fi tsanani. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wasu kafafen labarai suka ce ya riga mu gidan gaskiya, wasu suka ce ba ya gane kowa. Sai ranar 12 ga Janairu 2010, bayan kwana 50, BBC ta sa hirar da ta yi da shi ta waya.

Me ke jefa jarida cikin wannan rami? Na farko shirun hukuma: idan fada ta ƙi magana, ji-ta-ji-ta ce ke maye gurbinta. Na biyu gaggawa. Jarida tana da lokacin shiga injin ɗab'i, kuma kowane edita na tsoron abokin gasa ya riga shi. Manyan gidajen jarida ma kan rubuta tarihin dattijo mara lafiya su ajiye, jira kawai suke yi. Na uku kwafe: ɗaya ta buga, tara su ɗauka, mai karatu ya zaci shaidu goma ne, alhali bakin mutum ɗaya ne. Haka aka yi wa Dokta Nnamdi Azikiwe a Nuwamba 1989, har da kwamitin shirya jana'iza, amma bai rasu ba sai 11 ga Mayu 1996.

To yaya za ka tabbatar? Fara da neman wanda ya sanar. Labarin da ya tsaya a kan "majiya mai tushe" bai kai wanda ya ambaci sunan ɗa, ƙani, masarauta ko kakakin hukuma ba. Rasuwar 'Yar'aduwa ta gaskiya kakakinsa Olusegun Adeniyi ne ya tabbatar da ita.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya. A wurinmu ba a ajiye gawa, don haka rasuwar babban mutum takan zo da sallar jana'iza da zaman makoki cikin ɗan lokaci. A Disamba 2009 ba a ga ko ɗaya ba. A Mayu 2010 kuwa an rantsar da Goodluck Jonathan, an yi jana'iza a Katsina, an binne shi a maƙabartar Ɗanmarna. Shi ya sa bai kamata ka tsaya a jaridar rana ɗaya ba. Karanta ta washegari da ta jibi, can ake janye kuskure.

Saura tarkon kwanan wata. Ya rasu da misalin ƙarfe 9 na dare ranar Laraba, 5 ga Mayu 2010, a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja. Jaridun da suka ɗauki labarin suna ɗauke da kwanan Alhamis, 6 ga Mayu, kuma ranar aka yi jana'iza. Wanda ya kwafi kwanan da ke saman jarida ya ƙara kwana ɗaya. Ka nemi kalmar "jiya" a cikin labarin ka rage.

Akwai kuma namu na gida. A lissafin Musulunci dare ke rigan rana, shi ya sa muke ce wa daren da Alhamis ta faɗi "daren Juma'a". Saboda haka idan dattijo ya ce maka a daren Alhamis shugaban ya rasu, bai yi kuskure ba, amma a kalandar Bature Laraba ce. Tambaye shi: wace rana aka wayi gari?

A ƙarshe, gwada kwanan da kalandar shekarar. Idan takarda ta ce Laraba, 6 ga Mayu 2010, ɗaya daga ciki ya kauce, domin 6 ga wata Alhamis ce.

Kafin ka rubuta "marigayi" gaban sunan wani, ko ka kai labarin majalisa, tuna yana da iyalin da za su ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa.