Goge Suna Ba Ya Sauke Hoto

Masu cewa matar da aka liƙa sunanta a hoton biki ta goge sunan kawai ta huta sun ɗauki inuwa a matsayin jiki. Liƙa suna a Facebook, wato haɗa hoto da shafin mutum, mahaɗi ne kawai, kuma idan aka cire shi hoton yana nan daram a shafin wanda ya ɗora, duk wanda aka ba damar gani yana gani. Wannan dabara tana iya amfanar mazaunin babban birni, inda fuska ba ta faɗin sunan mai ita, amma a Boɗinga ko Shagari, inda matar aure da aka ɗauka ba mayafi a wajen kamu dangin mijinta za su shaida ta da kallo ɗaya, sunan da aka goge bai rufa mata komai ba. Abin da zai rufa mata asiri shi ne wanda ya ɗora ya sauke da hannunsa, kuma roƙonsa, kai tsaye ko ta bakin wani babba da yake jin nauyinsa, ba ƙasƙanci ba ne. Dole ne kuma a hanzarta, domin da zarar an kwafi hoton zuwa zaurukan WhatsApp, saukewar ba ta isa ga kwafin da ya riga ya shiga wayoyin mutane.