Sanarwar Neman Ma'aikaci: A Raba Farilla da Mustahabbi

Sau da yawa mukan ga sanarwar neman ma'aikaci an cuɗa komai a wuri guda: aikin da za a yi, da takardun da ake bukata, da burin mai kamfani. Sai wanda ya cancanta ya tsorata ya ja da baya, wanda bai cancanta ba kuwa ya aiko da takardarsa.

A ganinmu, kamata ya yi sanarwa ta kasu gida uku, kowane da kanunsa. Mu ɗauki kamfanin da ke neman akanta. Kashi na farko shi ne ayyuka: shirya albashi duk wata, da daidaita littafin kuɗi da bayanin banki. Na biyu sharuɗɗan dole: digiri ko babbar difloma a fannin akanta, da takardar kammala hidimar ƙasa. Na uku kuma abin da ake so ƙari, kamar zama ɗan ƙungiyar ICAN ko ANAN.

Ma'aunin rabewar tambaya ɗaya ce: in mai nema ya rasa abu kaza, za a ajiye takardarsa? In za a ajiye, farilla ne. In ba haka ba, mustahabbi ne, amfaninsa raba gardama idan mutum biyu suka yi kunnen doki.

Haka nan, kowane sharaɗin dole ya kasance akwai aikin da ya wajabta shi a kashi na farko. Akantan da ba zai tuƙa motar kamfani ba, don me za a nemi lasisin tuƙi a wurinsa?