Kafin ka ɗauki fim mai dogon zango, ka binciki wutsiyarsa

A shagunan da ake tura fina-finai a waya nan Chagoua, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Yana da daɗi?" Mai shago kuwa ba zai taɓa ce maka a'a ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin kusan kowane fim mai dogon zango yana da daɗi a zangon farko. Da ba shi da shi, da ba a yi na biyu ba. Tambayar da nake ganin ta fi amfani ita ce: wanda ya fara rubuta labarin nan, ya san inda zai sauke shi?

Mu yi lissafi kaɗan, tunda aikin malamin makaranta ke nan. Ertugrul, fim ɗin Turkiyya da aka nuna daga 2014 zuwa 2019, zango biyar ne, kashi 150 a yadda aka nuna shi a ƙasarsu, kowane kashi wajen awa biyu. Awa 300 ke nan. Wanda yake kallon awa ɗaya kowane dare bayan isha'i, sai ya yi wata goma kafin ya ga ƙarshe, in wuta ba ta ɗauke ba, data ba ta yanke ba. Mutumin da zai ba da wata goma na darensa, ai yana da haƙƙin ya san ko za a sallame shi da kyau.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020 a Arewa24 da YouTube. Zangunan farko sun kama mutane ne saboda tambaya ɗaya tak: ina Sumayya za ta faɗa, hannun Mahmud, ko Presido, ko Lukman? Kowane kashi yana matsar da kai kusa da amsar. Sai aka kashe Mahmud a cikin labarin, Nuhu Abdullahi ya fita. A 2022 kuma Nafisa Abdullahi, wadda ita ce Sumayyar, ta sanar da barin shirin. To yaya za a ci gaba da labarin yarinya alhali yarinyar ba ta nan? Haka aka yi ta kewaye-kewaye da mutanen gefe, daga baya aka miƙa wa Fati Washa matsayin. Ba ina cewa ba ta iya ba ne. Amma mai kallo ya shekara biyu yana tausaya wa fuska ɗaya, ba a kashi ɗaya zai mayar da tausayin kan wata ba.

Abin lura a nan, matsalar ba ta ƙwarewa ba ce, ta yadda ake yin aikin ce. Shirin da ake ɗauka ana nunawa, ana rubuta na gaba yayin da na baya yake kan allo, rayuwarsa tana hannun jarumai da masu talla. Jarumi ya tafi, labari ya karkace. Kallo ya yi yawa, a ƙara zango ko da labarin ya riga ya isa gida. Shi ya sa na yaba da abin da Saira ya yi daga baya: ya rufe labarin Sumayya, ya buɗe sabo fil da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, duk a ƙarƙashin sunan Labarina. Wannan ya fi wa mai kallo adalci. Kana iya ɗaukar labari guda ka bar sauran, ba ka ci bashin kowa ba.

Kada a ɗauka ciwon na Kannywood ne kaɗai, ko rashin kuɗi ne. Game of Thrones, wanda ba na falo da yara ba ne, na faɗa tun yanzu, an kashe masa dukiyar da ba a taɓa gani ba, amma ya faɗi a ƙofar gida. Daga littattafan George R. R. Martin aka ɗauko shi, kuma littafi na biyar ya fito tun 2011, na shida bai zo ba. Zuwa zango na shida a 2016 fim ya wuce littafi, masu shiryawa suka ci gaba da kansu. Alamar kuma ta fito fili ga mai ƙirga: zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai kashi bakwai, na takwas kashi shida. Labari yana ƙara faɗi, wurin sauke shi yana ƙara ƙuntata. Da ya ƙare a 2019, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu suna neman a sake zangon ƙarshe.

Fim ɗin waje yana da sauƙin bincike. Ka buɗe IMDb, ka bar makin da aka ba fim ɗin gaba ɗaya, domin zangunan farko ne suke ɗaga shi. Ka shiga Episodes, ka duba makin kashi uku na ƙarshe, lamba kawai, ba sai ka karanta bayanin da zai tona maka labari ba. Kashin ƙarshe na Game of Thrones bai kai 5 cikin 10 ba, alhali akwai na baya da suka haura 9. Na Breaking Bad, mai kashi 62, ya haura 9. Minti biyu sun ishe ka ka ga bambancin.

Namu na Hausa ba su da irin wannan ma'auni, sai ka yi da ido. Ka buɗe kashin farko na zangon farko, ka karanta sunan marubuci da na manyan jarumai. Ka buɗe kashin farko na sabon zango, ka tsaya a sunayen kawai. In marubucin ya canza, biyu daga cikin jarumai uku sun ɓace, to wani fim ne daban yake sanye da rigar na farko. Yawan masu kallo a YouTube kam kada ka dogara da shi sosai: tsohon kashi ya fi daɗewa a sama, dole lambarsa ta fi.

Na Indiya kuwa alamarsu ɗaya ce, tsallaken shekaru. Kumkum Bhagya ya fara a 2014, a 2019 aka tsallake shekara ashirin aka koma kan 'ya'ya. Da ka ga an rubuta "bayan shekara kaza", labarin da ka shigo dominsa ya ƙare ke nan, sallama ce kawai ba a yi maka ba.

Wani zai ce, to Daɗin Kowa fa, da yake tafe tun 2015? Shi daban ne. Ba a gina shi a kan tambaya ɗaya ba, gari ne da mutanensa, ka shiga ka fita yadda kake zuwa majalisa, babu alkawarin ƙarshe balle a saɓa. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya ɗaure ka da sirri ɗaya, wa ya yi kisan, wa za ta aura, ya kai zango na huɗu bai kwance ba, sai ƙara sababbin fuskoki.

Mu nan N'Djamena ma muna da wata ƙofa da 'yan'uwanmu na Kano ba su cika amfani da ita ba, tunda kunnenmu ya saba da Larabci. Fina-finan Larabawa na watan azumi ana shirya su ne a kan kwana talatin, wasu ma sha biyar, kuma ranar rufewa sananniya ce tun kafin a kunna kyamara. Omar, wanda MBC ta nuna a 2012, haka yake: wata ɗaya, ya fara ya ƙare. Na Koriya ma da yawansu kashi 16 ne. Gajarta ba ta hana ƙarshe ya yi lami, na yarda. Amma in ya yi, awa sha shida ka rasa, ba wata goma ba.