Ra'ayi: Giɓin bincike yana Kambo, ku daina nemansa a shafin ƙarshe

Raina yana ɓaci duk lokacin da ɗalibin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ya zo da take irin wannan: auna sanin ɗaliban firamare game da tsargiya a ƙauye kaza. An yi shi, an sake yi, sunan ƙauye kawai ake canzawa. Ka tambaye shi inda ya samo, sai ya ce marubucin baya ya rubuta a shafin ƙarshe cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Wannan jimla kowa yana rubuta ta. Lalaci ne a gina shekara biyu a kanta, alhali yaranmu suna fitsarin jini.

Tun da aka kammala madatsar Sennar a 1925 aka buɗe noman rani na Jazira, hanyoyin ruwa suka zama gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ta hanji da ta mafitsara. Hausawa suna cikin waɗanda suka tsinci audugar nan, suka yashe hanyoyin ruwan nan, da yawansu suna zaune a kambo, wato matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki. An yi aiki a kan cutar sosai. Shirin Lafiya na Bulunayil, wanda ya fara a 1979 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi shekara goma yana yaƙi da ita. To ina giɓin?

Yana babin da ke bayyana yadda aka gudanar da binciken. Tara nazari goma a kan tsargiya a Jazira da Sennar, ka ja layi a takarda, ka yi wa kowanne tambaya uku. Daga ina aka ɗebo mutanen? Su wa aka ce ba sa ciki? Da wane harshe aka yi musu tambayoyi? Za ka ga amsar farko tana yawan maimaituwa: daga makaranta. Dalili a fili yake, yara suna wuri ɗaya, ga rajista. Amma yaron kambo da ke kiwo, da almajirin makarantar allo, da yarinyar da ke wanke-wanke a bakin Abu Ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke shiga gona, ba sa cikin rajistar. Su ne suka fi shiga ruwa, su ne ba a ƙidaya ba. Idan kuma tambayoyin da Larabci kaɗai aka yi su, tsohuwar da ke kiran cutar tsargiya za a rubuta ta cikin waɗanda ba su san ta ba.

Ga take ya fito: yawan tsargiya tsakanin yara 'yan shekara 6 zuwa 15 da ba sa zuwa makarantar gwamnati a kambunan yanki guda, idan aka gwada da 'yan makarantar yankin. Tunda babu rajista, gida-gida za ka bi ka yi taka. Idan ba a san yawan cutar ba, ana ɗaukar kashi 50 cikin 100, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, lissafi ya ba da yara 384. Da yake yaran kambo ɗaya ruwa ɗaya suke shiga, sakamakonsu kan yi kama, don haka a kan ninka adadin. Fitsari mililita 10 za a tace, a karɓe shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita. A haɗa da gwajin bayan gida, domin fitsari ba ya nuna ta hanji. Duk wanda aka samu da cutar a ba shi furazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa. Ɗiban samfuri a tafi a bar yaro da ciwonsa zalunci ne.

Ta yaya za ka gane giɓin gaske? Tambayi kanka: wa zai canza shawara saboda sakamakona? A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100 ana raba magani duk shekara ga kowa daga ɗan shekara 2. Idan alƙaluman makaranta sun nuna ƙasa da haka, na kambo kuma sun haura, ka nuna cewa an hana jama'a maganin da ya zama haƙƙinsu. Wannan shi ne bincike.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya watsa mutane, ya sa alƙaluman baya sun tsufa. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a Jami'ar Jazira da Jami'ar Sennar, ku daina sa hannu a kan take sai ɗalibi ya nuna muku, a rubuce, wanda nazarin baya ya bari a waje. Ku kuma 'ya'yan Mai Wurno da na kambuna da kuka kai jami'a, kuna jin Hausa, ana buɗe muku ƙofar gida. Idan ba ku ƙidaya mutanenku ba, babu mai zuwa ya ƙidaya su.