Habaici Ya Koma Waya: Matsayin Alamomin Zambo a Saƙonni

Tun da manhajar WhatsApp ta ba da damar manna alama a ƙasan saƙo a shekarar 2022, habaici ya sami sabuwar kafa. Ɗalibi zai yi tambaya a zauren ajinsu, wani ya manna masa 🤡, wato wawa, ko 🐍, wato maci amana, ba tare da ya rubuta harafi ɗaya ba. In an tuhume shi, sai ya ce ai hoto ne kawai.

Wannan uzuri ba ya tsayawa. Imamu Nawawi ya bayyana a cikin Al-Azkar cewa giba tana aukuwa da rubutu da ishara kamar yadda take aukuwa da harshe, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibanta juna.

Sai dai kada mu yi gaggawar hukunci, domin alama ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyu. Buɗaɗɗen tafin hannu 🖐 gaisuwa ce a wasu ƙasashe, a wurinmu kuwa daƙuwa ce. Akuya 🐐 yabon gwani ce a bakin masoya ƙwallo, alhali dattijo zai ɗauke ta zagi.

Ma'aunin shi ne mahalli. Mu duba maganar da ta gabaci alamar, da ko mutum ɗaya ake ta maimaita wa ita, sannan mu tambayi mai turawa a keɓe. Mai turawa kuma ya auna: in ba zai iya furta ma'anar a gaban mutumin ba, to ya janye yatsansa. Allah Ya tsare mu.