Taswira na kama adireshin ƙarya, amma da sharaɗi

A ce kana Birnin Kebbi, sai mai tallar shinkafa a Facebook ya ce shagonsa yana daura da Gidan Tarihin Kanta a Argungu. Kafin ka tura kuɗi, buɗe Google Maps ka kwatanta hoton tauraron ɗan'adam da hoton shagon da ya turo. Idan nasa ya nuna bene, taswira kuwa fili, akwai lauje cikin naɗi.

Sai dai a ganina, rashin sunan shago a taswira ba hujja ba ne. 'Yan kasuwa na gari da yawa ba su sa nasu ba, hotunan titi na Street View kuma kan tsufa. Saɓani ne abin dubawa. Nemi bidiyon yau wanda ya haɗa ƙofar shagon da gidan tarihin. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.